Me Ya Sa Ba A Iya Fito Da Lambar Mota Daga Hoton Kyamarar Tsaro Da Ya Yi Dishi-Dishi?

Duk wanda ke sana'ar ɗaura kyamarorin tsaro ya san wannan roƙon. An fasa shago cikin dare, ko mota ta banke yaro ta gudu, sai a garzayo wurinsa da bidiyo a waya. Ga motar nan ana ganin ta, an san launinta, wani lokaci har ƙirarta. Ga wurin lambar ma ana gani, wani ɗan farin tabo a bayanta. Sai mai abin ya ce: "Don Allah Malam, ka zuƙo mana wurin nan, ka wanke shi lambar ta fito." Idan aka ce masa ba za ta fito ba, sai ya ɗauka ƙwarewa ce ta yi ƙaranci, ko kuma ana neman ya ƙara kuɗi. Ba laifinsa ba ne. Finafinan 'yan sandan Amurka irin su CSI, wanda aka fara nunawa a 2000, sun shafe shekaru suna nuna jami'i yana danna maɓalli ɗaya hoto ya washe, lambar mota ta bayyana tangaram. A fim kuwa da baya ake yin aikin: da kyakkyawan hoto aka fara, aka dusashe shi da gangan, sannan aka nuna mana na asalin a matsayin gyara.

A zahiri, abin da kyamara ba ta ɗauka ba tun farko babu shi a cikin bidiyon. Ba ɓoye yake a ƙarƙashin dusashewar yana jiran gwani ya tono shi ba. Mu bi lissafin a hankali mu ga inda lambar take salwanta.

Ɗigo nawa lambar ta samu?

Hoton kyamara tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, an jera su layi-layi. Kowane ɗigo launi ɗaya tak yake ɗauka. Kamar ɗinkin hula ne: kowane saka zare ɗaya ne, launi ɗaya. Mai ɗinki zai iya rubuta suna a jikin hula idan ka ba shi fili, amma ka ce ya fito da harafi cikin saka uku, ba zai yiwu ba ko da shi ne sarkin maɗinka. Kuma idan ka kawo hular kusa da idonka, zaren ne zai yi maka girma, babu wani sabon ado da zai fito.

Mu ɗauki mai shagon kayan masarufi a bakin titi. Ya ɗaura kyamara irin wadda aka rubuta 1080p a kwalinta. Ma'anarsa ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimla sama da miliyan 2 kaɗan. Adadin yana da yawa a kunne. To amma mai shago yana son ya ga ƙofarsa, da ta maƙwabci, da inda ake ajiye babura, da titin kansa. Saboda haka aka saita kyamarar ta buɗe sosai, har ya zama a daidai inda motoci ke wucewa tana ganin faɗin mita 20. Raba 1920 gida 20, kowace mita ta samu ɗigo 96. Wato ɗigo ɗaya yana wakiltar kimanin santimita ɗaya na abin da ke kan titi.

Farantin lambar mota ta Najeriya faɗinsa kusan santimita 30 ne. Ke nan farantin gaba ɗaya ya samu ɗigo 29 a kwance. A cikinsu za a cusa haruffa uku na ƙaramar hukuma, da lambobi uku, da haruffa biyu na ƙarshe, guda takwas ke nan, ban da tazarar da ke tsakaninsu. Kowane harafi ya tashi da ɗigo uku a faɗi, da kamar shida a tsaye, tun da tsawonsa bai wuce santimita shida zuwa bakwai ba. Kaurin zanen harafin kansa kuwa kusan santimita ɗaya ne, daidai da ɗigo guda.

A nan matsalar take. Zanen harafi ba ya faɗawa daidai cikin ɗigo ɗaya. Rabinsa zai faɗa wannan, rabi ya faɗa na kusa da shi. Ɗigon da ya ga rabin shuɗin harafi da rabin farin faranti ba zai iya cewa "hagu shuɗi, dama fari" ba. Sai ya gauraya su ya ajiye launi ɗaya mai tsaka-tsaki. Daga wannan lokaci labarin wane gefe ne shuɗi ya tafi. Idan na ce maka na haɗa lambobi biyu sun ba ni 10, ba ka da hanyar sanin ko 7 da 3 ne, ko 6 da 4, ko 5 da 5. Haka 8 da 3 da 0 da 6 da 9 suke komawa tabo iri ɗaya idan aka murƙushe su cikin ɗigo uku da shida. Haka ma B da D da R, ko M da N da H. Faranti daban-daban masu ɗimbin yawa za su ba da wannan tabon sak, kuma babu abin da ke cikin bidiyon da zai nuna wanne ne daga ciki ya wuce ƙofar shagon.

Wannan lissafin ma na kyautata wa kyamarar ne, don na ɗauka motar ta juyo mata da baya sosai. Yawanci daga gefe ake hango farantin, kuma daga sama. Idan karkatar ta kai digiri 60, faɗin da ake gani ya ragu da rabi, ɗigo 29 sun koma 15. Lambar babur da ta Keke Napep ta fi ta mota ƙanƙanta. Tsofaffin na'urori kuwa, waɗanda har yanzu suna nan a gidajen mai da shaguna, wasu suna naɗa da 704 a kwance, wasu 352 kacal. A kan wannan titin, farantin duka ɗigo biyar zai samu a na ƙarshen.

Masu ƙera kyamarorin da aka yi musamman don karanta lamba sukan nemi tsawon kowane harafi ya kai ɗigo 15 zuwa 20 ko fiye. Idan aka juya wannan zuwa ga kyamarar mai shagonmu, kada faɗin da take gani ya wuce mita shida zuwa bakwai. Ita kuwa an ba ta ashirin.

Mota ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto

Ko da ɗigon sun wadatar, akwai gudu. Kafin kyamara ta ɗauki hoto ɗaya, sai ta buɗe idonta na ɗan lokaci haske ya shiga. Da rana tsaka ɗan ƙiftawa ya ishe ta, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Da dare haske ya yi ƙaranci, sai ta riƙa barin idon a buɗe har kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa, wasu ma fiye da haka, don hoton ya yi haske a idon mai kallo.

Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Cikin kashi ɗaya bisa 25 na daƙiƙa ta matsa santimita 67, fiye da ninki biyu na faɗin farantin. Idan tana gilmawa ne ta gaban kyamara, kowane ɗigo a wurin ya ga harafi na farko, da na biyu, har na takwas, da jikin mota, da titi, duk sun bi ta kansa, ya tara su wuri ɗaya. Shi ya sa ake ganin farantin ya zama dogon farin zane. Ko babur mai gudun kilomita 36 a awa, mita 10 a daƙiƙa, ya matsa santimita 40 a wannan ɗan lokacin. Da idon ya rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu, da motar ba ta matsa ko santimita biyu ba. Idan motar tana nufo kyamara ne kai tsaye ko tana yin nesa da ita, jan ya fi sauƙi sosai, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake ɗaura kyamarar lamba tana fuskantar hanya, ba tana kallon ta daga gefe ba.

Dare yana da wata illar ta daban. An yi farantin lamba da fenti mai mayar da haske inda ya fito. Kyamarorin tsaro kuma suna da ƙananan fitilun infared, hasken da idon mutum ba ya gani, kewaye da gilashinsu. Hasken ya daki faranti ya dawo kai tsaye cikin idon kyamara, alhali ita ta saita kanta don duhun titi. Kowane ɗigo yana auna haske ne daga 0 zuwa 255. Idan hasken ya wuce ƙarfinsa, 255 zai rubuta, ko ya wuce da kaɗan ko ya ninka sau goma. Idan duk ɗigon farantin sun rubuta 255, harafi da bango sun zama abu ɗaya. Ka rage hasken yadda ka ga dama, farin allo zai koma toka-toka, amma babu rubutu a ciki. Fitilun gaban mota ma haka suke yi wa lambar gaba. Sai a ƙara da ƙurar hunturu da ta kwanta a gilashin kyamara wata da watanni, da yanar gizo-gizo da kan haskaka da dare ta rufe rabin hoton.

Abin da akwatin naɗa ke zubarwa

Saura kuma asarar da mutane ba su cika sani ba. Da za a adana kowane ɗigo yadda yake, hoto 25 a daƙiƙa, kyamara ɗaya ta 1080p za ta ci kusan megabait 155 a daƙiƙa. Faifan ajiya mai terabait ɗaya zai cika kafin awa biyu. Amma mai shagonmu yana da kyamara huɗu a kan faifai ɗaya, kuma yana samun bidiyon kwana 11 ko 12. Dalili shi ne akwatin yana matse bidiyon da tsarin H.264 ko H.265, har kowace kyamara ta koma cin kusan rubu'in megabait a daƙiƙa. An rage shi kusan sau 600.

Matsewar wayo gare ta. Tana raba hoto gida-gida, tana adana fasalin kowane gida, tana zubar da ƙananan bambance-bambancen da take ganin ido ba zai kula da su ba. Sannan ba kowane hoto take adanawa cikakke ba. Ta ajiye ɗaya, waɗanda ke biye sai ta rubuta abin da ya canza kawai, tana kwaso sauran daga na baya. Ga bango da ƙofa wannan ba shi da aibu. Ga ƙananan haruffa a jikin abin da ke gudu cikin duhu kuwa, su ne farkon abin da ake zubarwa. Har takan bar wasu layuka da murabba'ai na ƙarya, waɗanda mai neman lamba ido rufe zai rantse cewa 1 ce ko 7.

Bayan wannan sai mu da kanmu mu ƙara ɓata abin. Mai shago ya buɗe bidiyon a talabijin ɗin shago, ya ɗauke shi da wayarsa hannu na rawa, ya tura wa ƙaninsa ta WhatsApp, ƙanin ya tura wa wani. Kowace turawa sabuwar matsewa ce. Wanda kuma ya ɗauko daga manhajar kyamarar a waya, sau da yawa ƙaramin kwafi ne da ake kira Sub Stream, wanda aka yi don kada ya cinye data, na ainihin kuwa, Main Stream, yana can cikin akwatin. Abin takaicin da ya fi damuna shi ne yadda akan shafe makonni ana yawo da lalataccen kwafi daga wannan gwani zuwa wancan, har akwatin ya zagayo ya naɗa sabon bidiyo a kan na asalin, wanda wataƙila shi ne kaɗai ke da abin karantawa.

Abin da gwani zai iya yi

Ba ina cewa gyaran hoto ƙarya ne gaba ɗaya ba. Masu binciken bidiyo na ƙwarai suna da aiki na gaske, sai dai duk aikinsu fito da abin da ke ciki ne. Idan faranti ya yi duhu amma haruffan sun ɗan bambanta da bango, ana iya buɗa bambancin ido ya gani. Idan an ɗauke shi a karkace, ana iya miƙar da shi. Idan jan gudu ɗan kaɗan ne, kuma an auna tsawonsa da inda ya nufa, akwai lissafin da ke mayar da wani ɓangare na hasken mazauninsa. Wannan lissafin yana da rauni ɗaya: yana kumbura yayyafin da ke cikin hoton dare tare da haruffan, don haka a bidiyon da aka matse sosai ba ya kai ko'ina.

Mafi amfani shi ne haɗa hotuna da yawa. Idan motar ta tsaya a ƙofar shago ko tana tafiya a hankali, daƙiƙa biyu za su ba da hoto 50. A kowanne, haruffan sun faɗa kan ɗigon ta wata fuska daban da ɗan kaɗan, yayyafin kuma ya canza wuri. Idan aka daidaita su aka ɗora wani kan wani, yayyafin ya lafa, haruffan su ɗan fito. Wannan yakan ceci lambar da ke bakin iyaka, wadda tsawon harafinta ya kai ɗigo takwas ko goma. Ba ya mayar da ɗigo huɗu su zama ashirin.

Tsarin lambarmu ma yana taimakawa. An san inda harafi yake da inda lamba take, don haka B da 8 ba za su rikice ba a gurbi ɗaya. Haruffa ukun farko kuma daga jerin ƙananan hukumomi suke, kamar KMC ta Birnin Kano ko FGE ta Fagge, ba kowane haɗi ne ke akwai ba. Launin rubutu yana faɗin wani abu da rana: shuɗi na motar gida, ja na haya, kore na gwamnati. Amma ko an gane ƙaramar hukumar, lambobi uku da haruffa biyu da suka rage suna iya haɗuwa ta hanya har 676,000. Mai bincike na gaskiya zai rubuta cewa harafi na farko ya fi kama da kaza, lamba ta tsakiya ko 3 ce ko 8, sauran ba sa karantuwa. Wannan rabin amsar tana da daraja, don idan aka haɗa ta da ƙirar mota da launinta a rajistar hukuma, za ta iya rage dubban motoci su koma 'yan kaɗan.

Haɗarin lambar da ta fito fes

Abin tsoro ba lambar da ta ƙi fitowa ba ne, lambar da ta fito alhali ba ita ba ce. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa wasu injinan kwafin takardu na kamfanin Xerox suna canza lambobi a takardun da aka ɗauka da su. Tsarin matsewar da ke cikinsu yana neman alamomi masu kama da juna ya adana guda ɗaya ya riƙa maimaita ta. Idan rubutun ƙanana ne, sai ya ɗauki 6 a matsayin 8, ya manna 8 mai kyau a gurbinta. Takardar ta fito tsaf, babu alamar dusashewa da za ta sa mutum ya yi shakka. Shekaru injinan suka yi a ofisoshi kafin a farga.

Manhajojin waya da ke alkawarin wanke tsohon hoto irin wannan aikin suke yi. Suna duba tabo, su zana abin da ya fi kama da shi daga cikin abubuwan da aka saba gani. A hoton biki babu wanda ya cutu. A lambar mota kuwa, abin da ya fito zato ne da aka yi wa ado, kuma mai yiwuwa lambar wani bawan Allah ce da ke kwance a gidansa lokacin da aka fasa shagon. A ƙasar da ake iya tsare mutum kwanaki kafin a saurare shi, ko 'yan unguwa su far masa saboda hoton da ya zaga a waya, wannan ba ƙaramin zalunci ba ne. Akwai gwaji mai sauƙi: ɗauki hotuna uku daban daga bidiyon, ka ba manhajar kowanne. Idan ta ba ka lambobi uku mabambanta, ka san ƙirƙira take yi. Idon mutum ma yana da wannan raunin. Da zarar an faɗa maka lambar wanda ake zargi, za ka fara ganin ta a cikin tabon. Shi ya sa ya kamata mai karantawa ya karanta tun kafin a gaya masa wa ake tuhuma. Kotu ma ba ta karɓar bidiyo haka kawai: sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya nemi a bayyana na'urar da ta samar da shi da yadda aka samar da shi. Kwafin da ya bi ta hannu biyar da manhaja biyu zai sha wuya a gaban lauya.

Idan abu ya faru, aiki na farko shi ne a je wurin akwatin a ranar. A sa filas, a shiga Backup ko Export, a kwafe Main Stream na duk kyamarorin, daga minti 30 kafin abin zuwa minti 30 bayansa, don ɓarawo yakan zagaya a hankali ya duba wuri kafin ya dawo. A rubuta bambancin agogon akwatin da na waya, tun da ɗauke wuta na sa agogon ya kauce. Sannan a bi maƙwabta da gidajen man da ke kan hanyar kafin nasu ya goge, musamman wurin da akwai kwana ko tudun rage gudu. Sau da yawa lambar tana can, a kyamarar da motar ta nufa kai tsaye a hankali.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake son kyamararsa ta riƙa kama lamba sai ya ware mata kyamara guda, wadda ba ta kallon komai sai mashiga mai faɗin mita uku zuwa biyar, tana fuskantar motoci, ba ta yi sama da yawa ba. A shiga saitin Shutter a ɗaure shi a 1/500 ko 1/1000. Hoton dare zai yi baƙi ƙirin, faranti ne kawai zai haskaka, kuma haka ake so. Kafin ka biya mai ɗaurawa kuɗinsa, sa wani ya wuce da mota da rana, ya sake wucewa bayan isha'i da fitila a kunne, sannan a buɗe abin da aka naɗa, a tsayar da shi, ka karanta lambar da idonka. Idan ba ka iya karanta ta a ranar gwaji ba, babu wanda zai karanta maka ita ranar da aka yi maka sata.